Yadda ake haɗa bindigogi biyu da lissafin jaka a PUBG Mobile

Yawancin samarin da nake gani suna buga PUBG Mobile a majalisun Tudun Wada da Unguwar Rimi suna zaɓen bindiga ne da farin jininta. In mutum ya tsinci M416 sai ya ɗauka, ya ci karo da AKM ya haɗa, ya ce ai ya mallaki manya biyu. Matsalar ba ta fitowa sai da'ira ta matse, an kayar da abokinsa a fili, ya buɗe jaka ya tarar babu gurnetin hayaƙi ko ɗaya, maganin jinya ƙwaya guda, sai tulin harsashi kala biyu da ba zai harba ko rabinsa ba. Wannan asara tun wajen zaɓen bindigogi aka yi ta, domin kowace bindiga da ka rataya tana jawo nata nauyin harsashi cikin jakarka. Ga yadda nake tsara nawa.

Da farko ka san abin da ke cin wuri

Nauyi a wannan wasa ba ya rage maka gudu. Mai jaka cike da mai jaka wayam gudunsu ɗaya. Abin da nauyi ke yi shi ne ya hana ka ɗaukar wani abu da zarar jakar ta cika. Jaka mataki na ɗaya tana ɗaukar 150, ta biyu 200, ta uku 250, ban da ɗan abin da jikinka ke riƙewa tun kafin ka sami jaka. A lissafin da zan yi, da adadin jakar kawai zan yi aiki, wancan ɗan ƙarin ka bar shi a matsayin rara.

Akwai abubuwan da ba a lissafa su a nauyi, kuma saninsu riba ce. Bindigogi biyun da ka rataya da ƙaramar bindigar ƙugu ba sa cin wurin jaka. Duk abin da ka maƙala a jikin bindiga, madubi ne ko mariƙi ko dogon magazin, shi ma ba ya ci. Harsashin da ke cikin magazin ba a lissafa shi. Amma da ka cire madubi ka ajiye shi a jaka, ya fara cin wuri. Shi ya sa mai tara madubai uku da magazin biyu "ko za su yi amfani" yake rasa wurin magani bai san dalili ba.

Harsashi kuwa kowane kala da nauyinsa. Ƙwaya ɗaya ta 5.56mm nauyinta 0.5 ne, ta 7.62mm kuma 0.7. Kenan ɗari na 5.56mm 50 ne, ɗari na 7.62mm 70. Na 9mm da .45 ACP sun fi sauƙi, ɗari ba ya wuce 40. Na bindigar baza harsashi, 12 Gauge, shi ne mai nauyi, ƙwaya 20 kacal suna cin 25. A ɓangaren jinya, First Aid Kit 10 ne, Med Kit 20, bandeji ɗaya 2, Energy Drink 4, Painkiller 10. Gurnetin hayaƙi 14, mai fashewa 18. Masu wasan kan taɓa irin waɗannan lambobi idan sun sabunta shi, don haka bayan kowane babban sabuntawa ka shiga filin atisaye, ka ɗebi harsashi ɗari, ka dubi yadda ma'aunin jaka ya motsa.

Na biyu, zaɓi harsashinka kafin ka zaɓi bindiga

Bindigogin wasan gida-gida ne. Gidan 5.56mm akwai M416 da SCAR-L da M16A4 da AUG da M249, sai Mini14 ta harbin nesa. A Sanhok za ka ga QBZ da QBU, a Vikendi kuma G36C. Gidan 7.62mm akwai AKM da M762 da DP-28, sai SKS da SLR masu harbi ɗai-ɗai da sauri, sai Kar98K da M24 da ake sake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi. UZI da Vector da PP-19 Bizon na 9mm ne, UMP45 da Thompson na .45 ACP. AWM ita kaɗai ce a gidanta, harsashinta .300 Magnum a akwatin da jirgi ke jefowa ake samunsa.

Idan ka sauka, minti biyu na farko ba lokacin zaɓe ba ne, duk abin da hannu ya taɓa ka ɗauka ka kare kanka. Amma da ƙura ta lafa, ka dubi ƙasa ka dubi jaka: wane harsashi ne ya fi yawa a unguwar da ka sauka, wace bindiga ce hannunka ya fi sabawa da ita? Wannan ita ce uwar bindiga, wadda za ka yi yawancin faɗa da ita. Ta biyu ana zaɓenta ne da tambayoyi biyu. Shin tana yin aikin da ta farko ba ta iya yi? Kuma nawa za ta ci a jaka?

Haɗin M416 da AKM ya faɗi a duka tambayoyin. Aikinsu kusan ɗaya ne, faɗan kusa da matsakaicin nisa, kuma dukkansu masu zubar da harsashi ne, kowace tana neman nata tulin daban. Ga lissafin. Ka ɗauki 180 na 5.56mm, nauyi 90. Ka ɗauki 150 na 7.62mm, nauyi 105. Jimla 195 cikin 200. Abin da ya rage maka a jaka mataki na biyu shi ne wurin Energy Drink guda ɗaya. Ba ƙari na yi ba, haka jakar mutane da yawa take idan sun bar wasan yana kwasar musu kaya da kansa.

Na uku, ware wurin magani da hayaƙi tukuna

Nan ne nake saɓawa da yawancin abokan wasana, kuma ina nan a kan bakana. Su harsashi suke fara cikawa, abin da ya rage su sa magani. Ni magani da hayaƙi nake fara warewa, harsashi ya ɗauki saura. Dalilina shi ne, duk wanda ka kashe zai bar maka akwati, kuma da wuya ka buɗe akwati ba ka sami 5.56mm ko 7.62mm a ciki ba. Harsashi yana dawowa bayan kowane faɗa da ka ci. Hayaƙi kuwa, a da'irorin ƙarshe kowa ya riga ya jefa nasa, ga shi lokacin ne ka fi bukatarsa. Tayar da aboki yana ɗaukar daƙiƙa 10 kana tsugune wuri ɗaya. A filin gonakin da ke kewaye da Pochinki, daƙiƙa 10 ba tare da hayaƙi ba kyauta ce ka miƙa wa mai Kar98K.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Taswirar Erangel, ku huɗu ne, kun sauka Rozhok, ka sami jaka mataki na biyu da M416 da Mini14. Ka ware First Aid Kit 4, nauyi 40. Hayaƙi 3, nauyi 42. Energy Drink 5, nauyi 20. Gurneti mai fashewa 1, nauyi 18. Jimla 120, saura 80. Harsashi 150 na 5.56mm ya ci 75, sauran biyar ɗin ka jefa bandeji biyu. Kada ka manta da abin da ke cikin bindigogin, wanda ba a lissafa ba: M416 da dogon magazin tana riƙe 40, Mini14 tana riƙe 20, ko 30 idan ka sa mata dogo. Kenan kana tafe da harsashi sama da 200, kowace ƙwaya tana shiga kowace bindiga, ga magani ga hayaƙi.

Ka lura na fifita Energy Drink a kan Painkiller. Energy Drink yana cika kashi 40 na sandar kuzari da nauyi 4, Painkiller yana cika kashi 60 da nauyi 10. Gwangwani biyu nauyinsu 8, sun ba ka 80. Painkiller ka shanye shi a inda ka tsince shi idan ana shirin faɗa, gwangwani ka adana. Haka bandeji: guda biyar nauyinsu 10, daidai da First Aid Kit ɗaya, amma kowane ɗaya kashi 10 yake ƙara maka, a hankali, alhali First Aid Kit yana kai ka kashi 75 a tashi ɗaya. Wanda ke yawo da bandeji 20 ya ba da wurin First Aid Kit 4 kenan. Bandeji kaɗan sun isa, don ƙananan raunuka da ɗan cizon shuɗin zon.

Yanzu a ce maimakon haka M762 da SLR ka samu, duka gidan 7.62mm. Haɗi ne mai kyau, dukansa ya fi zafi, kuma kala ɗaya ne. Sai dai harsashi 150 yanzu 105 yake ci ba 75 ba. Wannan bambancin na 30 hayaƙi biyu ne, ko First Aid Kit uku. Mafita ita ce ka sauko da harsashin zuwa 110, ka yarda cewa za ka riƙa cikawa daga akwatuna. Mai son 7.62mm sai ya fi kowa ƙwazon neman jaka mataki na uku, ya kuma rage harbin banza.

Na huɗu, inda raba kala yake da ma'ana

Ba cewa nake kala biyu haramun ne ba. Sharaɗin shi ne bindiga ta biyu ta zama mai ƙaramin ci. Kar98K tana ɗaukar ƙwaya 5, kuma ana harba ta ɗaya bayan ɗaya da nutsuwa. Ƙwaya 25 a jaka sun wadatar da yawancin wasa, nauyinsu 17.5. Ka haɗa da 120 na 5.56mm don M416, nauyi 60, jimla 77.5. Kusan daidai da haɗin M416 da Mini14. Shi ya sa wannan haɗi ya daɗe yana tashe, ba don suna kawai ba. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki 90 na 7.62mm saboda Kar98K, nauyi 63, a mutu da 80 a jaka.

SKS da SLR ba su shiga wannan rangwame ba. Su ana danna su ne a jere, mutum na gudu ka bi shi da harbi bakwai ko takwas, magazin ɗin 10 ya ƙare nan take. Suna bukatar 50 zuwa 60 aƙalla. Idan uwar bindigarka ta 5.56mm ce, Mini14 ta fi dacewa da jakarka ko da dukanta bai kai na SLR ba.

Ɗaya hanyar ita ce ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta don faɗan cikin gida. UZI ko UMP45 da harsashi ɗari ba sa cin fiye da 40. Idan ka haɗa UMP45 da Mini14, sai 5.56mm ɗinka ya sauko zuwa 60, nauyi 30, jimla 70. Ga masu ƙananan wayoyi da hoton ke sarƙewa idan faɗa ya yi zafi, wannan haɗi yana da sauƙin riƙewa, don UMP45 ba ta tsalle sosai. Rauninsa yana fitowa ne a ƙarshen wasa: .45 ACP da 9mm ba su cika yawa a akwatunan waɗanda suka kai da'irorin ƙarshe ba, saboda yawanci sun koma manyan bindigogi. Idan ka ga harsashinka ya sauko ƙasa da magazin biyu kuma akwati biyu a jere babu irinsa, ka sauya bindiga a akwati na gaba, kada ka jira ya ƙare.

AWM kuwa, idan Allah ya ba ka, ka ɗauka da duk harsashin da ya zo da ita, ka zubar da ragowar 7.62mm ɗin Kar98K nan take idan uwar bindigarka ba ta cinsa. Mutane na mantawa da wannan, su yi ta yawo da harsashin bindigar da suka yar tun ɗazu.

Na biyar, illar kala ɗaya da yadda ake tare ta

Kala ɗaya tukunya ɗaya ce, cokali biyu ke ɗiba. Idan ka tsaya kana musayar wuta da wasu a ƙetaren gadar Sosnovka da Mini14, kana ganin lambar ƙasan allo tana sauka, ka tuna abincin M416 ne kake ƙonawa. Mutum zai harba 80 a kan waɗanda ba zai iya zuwa ya kwashi akwatinsu ba, sannan mota ta tsaya a bayansa ya tarar saura magazin ɗaya. Ni dokata ita ce, da harsashin jaka ya sauko 80, wato magazin biyu na M416, na daina harbin nesa sai wanda na tabbata zai kayar da mutum. Kuma kafin ka tashi daga kowace maɓoya, ka cika duka bindigogin biyu. Wannan yana fitar da harsashi daga jaka zuwa inda ba a lissafa nauyinsa, ya buɗe maka wuri, kuma idan magazin ɗaya ya ƙare a tsakiyar faɗa, sauya bindiga ya fi sake lodi sauri.

Wani abu da ya shafe mu a nan Kaduna shi ne sabis. Da yamma idan layi ya cunkushe, lambar da ke nuna jinkirin sadarwa ta yi ja, harbin da ka ga ya sami mutum ba lallai ya shiga ba, sai ka zubar da harsashi fiye da ƙa'ida kafin ka kayar da shi. A irin wannan dare nakan ƙara 30 na 5.56mm, nauyi 15, in ajiye gurneti mai fashewa, tun da shi ma jifansa yana son daidaiton lokaci. Hayaƙin dai ba na taɓa shi.

Sai maganar tawaga. Idan ku huɗu duk 5.56mm kuke ci, a wurin sauka za ku yi ta rububi, ƙaramin wuri kamar Rozhok ba zai ƙosar da ku ba. Idan kuma kowa da kalarsa, babu mai iya taimakon wani. Abin da ya fi shi ne biyu a 5.56mm, biyu a 7.62mm. Kowa yana da wanda zai ce wa "ɗan'uwa, jefo min 60", kuma duk akwatin da kuka buɗe babu abin da zai tafi a banza. Ku yanke wannan tun kuna cikin jirgi. Wanda ya fi kowa babbar jaka shi ya riƙe rarar hayaƙi, amma kada a tara duka a wurinsa, don idan shi aka fara kayarwa a fili, hayaƙin ya tafi da shi.

Na shida, gyara saitin kwasar kaya

Duk wannan lissafi zai rushe idan wasan yana kwasar maka abin da ya ga dama. Ka shiga Settings, ka nemi sashen Pick Up. A nan ana sa adadin harsashin da za a ɗaukar wa kowace bindiga, da adadin magani da gurneti. Ka sa manyan bindigogin 5.56mm a 150, na 7.62mm a 120, Kar98K da M24 a 25 ko 30, First Aid Kit a 4, bandeji a 5, Energy Drink a 5, hayaƙi a 3 ko 4. Bayan ka gyara, ka shiga wasa ɗaya ka riƙe bindigogi biyu masu kala ɗaya, ka lura da inda kwasar ta tsaya. Idan ta zarce abin da ka tsara, ka rage lambar bindiga ta biyu. Madubai ma ka taƙaita waɗanda za a ɗauka. Red Dot a kan M416, 4x ko 6x a kan Mini14, rara ɗaya a jaka ya isa.

Idan jaka ta canja, lissafin ma ya canja. Da mataki na ɗaya, 150: harsashi 100 na 5.56mm nauyi 50, First Aid Kit 3 nauyi 30, hayaƙi 2 nauyi 28, Energy Drink 4 nauyi 16, bandeji 5 nauyi 10, jimla 134, saura ɗan wurin madubi. A wannan mataki kala biyu masu ci ba za su yiwu ba sam. Idan ka sami mataki na uku, ƙarin 50 ɗin da ta fi ta biyu da shi kada ka juye shi duka a harsashi: hayaƙi 2 nauyi 28, mai fashewa 1 nauyi 18, Energy Drink 1 nauyi 4, sun cike 50 cif.

A bakin akwati da kuma da'irar ƙarshe

Wurin da aka fi kashe mai lissafi shi ne lokacin da ya tsaya yana lissafin. Akwati a fili ba wurin tunani ba ne. Ka san jerinka tun kafin ka isa: harsashin kalarka, sai hayaƙi, sai magani, sai hula da sulke idan sun fi naka, ka tashi. Idan jakar ta ƙi karɓa, ka koma bayan bango ko bishiya ka buɗe ta. Abin da za ka fara zubarwa shi ne harsashin bindigar da ba ka riƙe da ita, sai kayan maƙalawa da ke kwance, sai rarar bandeji. Wasan yana ba ka damar zubar da wani adadi kawai, ba sai duka ba.

Da an rage mutum goma sha biyar zuwa ƙasa, da'ira ta zama 'yar ƙarama, bindigar nesa ta kusa gama aikinta. A nan ne kaɗai nake yarda da manyan bindigogi biyu. Idan akwati ya ba ni SCAR-L ko wata M416, nakan ajiye Mini14 in ɗauka, in cika ta, don in sami magazin biyu a shirye ba tare da ƙara ko ƙwaya ɗaya ta nauyi ba. Mai Kar98K kuma ya yar da ita da harsashinta, wurin da ya buɗe ya isa hayaƙi ɗaya. Harsashi 90 a jaka ya wadatar a wannan lokaci, duk abin da ya haura haka ka musanya shi da gurneti. Ka shanye Painkiller da abin da ya isa na Energy Drink har sandar kuzari ta cika kafin da'ira ta motsa, sannan ka mayar da maɓallin jifa kan hayaƙi, don kada a kayar da abokinka ka tsaya neman sa a cikin jerin gurneti.